Ƙwayar da Ba Ta Ɗaga Maganaɗisu Ba

Mijina shekara ashirin da uku ya yi yana aikin sanyi a sashen fiziks na jami'ar da ni ma nake riƙe da sito. Ɗalibai ne suka laƙaba masa Ƙanƙara, sunan ya bi shi har gida, har 'ya'yan maƙwabta suna ce masa Baba Ƙanƙara yana amsawa. Ni Malam nake ce masa. Aikinsa shi ne ya cika tankuna da ruwan naitirojin da ruwan hiliyam, ya kula da babban maganaɗisun da ke ɗakin ƙasa, ya auna duk abin da malamai suka gasa a tanderu suka kawo masa. Ba digiri gare shi ba, difloma ce kawai, amma ba takardar binciken da ke fita daga ɗakin nan sai da sa hannunsa a ƙasan awon. Tsarin sashen ke nan tun kafin a ɗauke ni aiki.

Shugaban ɗakin kuwa wansa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, Farfesa guda. Mu a gida Yaya muke ce masa. Ya girme Malam da shekara goma sha ɗaya, kuma shi ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsu. Riƙon ne dai sai a hankali. Haƙorin gaban Malam guntu ne, bokitin ƙarfe Yaya ya jefe shi da shi yana ɗan shekara tara saboda ya zubar da ruwa a hanya. Kunnensa na hagu ba ya ji sosai, mari ne. A gadon bayansa akwai layi uku na wayar rediyo, na gan su a makon farko na aurenmu na tambaya, ya ce ai shi ne bai ji magana ba. Yaya ne kuma ya biya masa makaranta, ya nema masa aikin nan, ya tsaya masa a aurena. Duk lokacin da na buɗe baki a kan mutumin nan, sai Malam ya ce, “Shi ya raine ni.” Na tsani kalmar nan kamar me.

Ina faɗa ba ɓoyewa, ban taɓa son Yaya ba. Mutum ne mai ƙwaƙwalwa, wannan ba musu, amma idan ransa ya ɓaci hannunsa ke riga bakinsa. Na ga ya wurga wa masinja kofin shayi. Na ga ya yaga littafin ɗalibi gida biyu ya watsa masa a fuska. Kuma na ga mijina, da furfurarsa da 'ya'yansa huɗu, yana tsaye hannu a baya ana zaginsa a gaban yara 'yan aji uku. Bai taɓa ce wa Yaya a'a ba, ko sau ɗaya, sai a kan maganar ƙwayar nan.

Bari in yi bayanin aikin yadda Malam ya yi mini shi a kan tabarma, don in ba haka ba ba za a gane abin da ya haɗa su ba. Duk wayar da wuta ke bi tana yi wa wutar turjiya, shi ya sa take ɗumi. Akwai wasu abubuwa da in ka sanyaya su suka wuce wani mataki, turjiyar sai ta ɓace fat, wuta ta yi ta zagaye a ciki ba ta raguwa. Su ake kira sufakwandakta. Kowanne da iyakar zafinsa, in ya haura ta ko da ɗigo ne ya koma waya kamar kowace waya. Kowanne kuma da iyakar ƙarfin maganaɗisun da zai iya jurewa. Iyakokin biyu a haɗe suke: ƙara maganaɗisu, iyakar zafin ta sauko. Shi kansa babban maganaɗisun ɗakin ƙasa naɗin irin wannan waya ne, jiƙe cikin ruwan hiliyam mai sanyin digiri ɗari biyu da sittin da tara ƙasa da sifili, a cikin wata tukunyar ƙarfe da ta fi ni tsayi. An rubuta a jikinta da jan fenti cewa tesla takwas ce iyakarta, tesla kuwa ita ce ma'aunin ƙarfin maganaɗisu. An kuma ja layin rawaya a ƙasa kewaye da ita, ba mai tsallakawa da ƙarfen da maganaɗisu ke ja, ko makulli ne. Kayan aikin da Malam ke shiga da su duk na tagulla ne.

Yaya ya yi shekara tara yana gasa garin duwatsu yana matse shi ya zama 'yan ƙwayoyi baƙaƙe kamar maɓallin riga, yana neman wadda za ta rasa turjiya ba sai an kai ta irin wancan mugun sanyi ba. Ɗari nawa ya gasa, Allah kaɗai ya sani, ni dai na san yawan garin da na fitar masa daga sito. Rannan ɗaya daga ciki ta yi abin mamaki. Aka manna mata siraran wayoyi huɗu da fentin azurfa, aka fara sanyaya ta, tana kaiwa saba'in ƙasa da sifili sai awon turjiya ya faɗi ƙasa tim ya kwanta a sifili. Ba a taɓa jin mai yin haka a irin wannan ɗumi ba tare da an matse shi da mugun nauyi ba. Yaya ya fito baranda yana rawar jiki, ya rungume mai shara, ya ce a kira masa shugaban jami'a. Cikin kwana uku ya rubuta takarda, saura sa hannun Malam.

Malam kuwa yana da wata al'ada da duk sashen suka san shi da ita, har suna tsokanarsa. Ba ya yarda da ƙwaya sai ya ɗora mata ɗan maganaɗisu tun tana da ɗumi, sannan ya zuba sanyi. Na taɓa tambayarsa me ya sa ba zai sanyaya ta tukuna ba, ai duk ɗaya ne.

Ya ce, “Ba ɗaya ba ne. Ki ɗauka akwai wani ƙarfe da turjiyarsa ta ɓace kawai, ba wani abu bayan haka. Shi abin da ya iya shi ne ya hana canji. In kika sanyaya shi sannan kika kawo maganaɗisu, zai hana shi shiga. Amma in maganaɗisun ya riga ya ratsa shi kafin sanyin ya zo, to zai riƙe shi a ciki, ko kin ɗauke naki zai ci gaba da riƙo. Sufakwandakta ba ruwansa da wa ya riga zuwa. Yana tsallake iyakarsa zai koro maganaɗisun waje.”

Na ce, “Kamar ni in na shiga ɗaki na tarar da takalman yara.”

Ya yi dariya ya ce, “Haka. Wancan kuma ni ne, yadda na tarar da ɗaki haka zan bar shi.”

Ranar Talata da hantsi ya yi gwajin a gaban Yaya, ina wurin don na kawo musu takardar karɓar naitirojin. Ya ajiye ƙwaya biyu a faranti. Ɗaya tsohuwa ce da suke koyar da ɗalibai da ita, wadda kowa ya san iyakarta tana wajen ɗari da tamanin ƙasa da sifili. Ɗayar ta Yaya. Ya ɗora wa kowacce ɗan maganaɗisu kamar ƙwayar masara, ya tsiyaya naitirojin, ruwan ya yi ta tafasa yana hayaƙi. Da tafasar ta lafa, na kan tsohuwar ya motsa, ya tashi, ya tsaya a iska ba abin da ke riƙe da shi. Na kan ta Yaya yana nan zaune daram.

Yaya ya ce, “Wasan yara. Akwai masu maƙale maganaɗisu a jikinsu, ka sani na sani.”

Malam ya ce, “Akwai, Yaya. Amma ko su sai sun koro wani kaso, na'ura tana gani. Na sa ta a na'ura sau huɗu, ba ta koro komai ba.”

“Turjiya ta ɓace. Me kake nema kuma?”

“Ko ta ɓace da gaske, rabin shaida ce. Kuma ina zargin wayoyin. In ƙwaya ta yi sanyi tana tsukewa, fentin wayoyin tsakiya biyu zai iya haɗuwa, na'ura ta karanta sifili. Ka bar ni in cire su in sake mannawa.”

Yaya ya ɗauke ƙwayar daga farantin da hantsaki, ya ce duk wanda ya taɓa wayoyin nan sai ya karya masa hannu. Ita kaɗai ce ta yi cikin ɗaruruwa, tsoro yake kada a taɓa ta ta daina. Sannan ya tura wa Malam takardar da biro. Malam ya sunkuyar da kai ya ce a yi masa haƙuri. Marin da ya sauka a kuncinsa har ƙofar sito an ji shi. Na ajiye takardata na nufi Yaya, Malam ya tare ni da hannu ɗaya, bai ko dube ni ba.

A gida na yi ta masifa. Abin kunya, ba Yaya na zaga ba, Malam na zaga. Na ce masa ya sa hannun mana a huta, in ƙarya ce ai sunan Farfesa ne a sama, shi wa ya san shi. Tsoro nake ji, na san mutumin nan ba zai tsaya a mari ba. Malam yana gasa kuncinsa da tsumma ya ce, “In na sa, wasu a wata ƙasa za su gwada cikin wata guda su ga ba haka ba ne. Sunansa zai lalace har ya mutu. Ni kuma duk awon da na yi shekara ashirin da uku ya zama abin zargi.” Na ce to ya faɗa wa shugaban sashe. Ya ce ba zai kai ƙarar wansa ba. Na tashi na bar masa ɗakin, don in na zauna zan faɗi abin da ba ya gyaruwa.

Washegari Yaya ya zo da sabuwar dabara. Ya ce a sa ƙwayar a cikin babban maganaɗisu. In sufakwandakta ce, ƙara ƙarfin maganaɗisu zai sauko da matakin da turjiyar ke ɓacewa, daga saba'in ya koma saba'in da biyar, tamanin, haka. In aka ga wannan, Malam ba shi da bakin magana. Malam ya yarda, don gwajin gaskiya ne. Kwana biyu suna yi. Tesla biyu, saba'in. Tesla biyar, saba'in. Tesla takwas, saba'in cif, ko gezau. Duk mai hankali ya san abin da wannan ke nufi, wayoyi biyu da suka taɓa juna ba ruwansu da maganaɗisu. Yaya ya ce a'a, wannan na nuna iyakar ƙwayarsa tana da girman da ba a taɓa gani ba, a ƙara.

Ranar Juma'a wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe na sauka ɗakin ƙasa da kwalin safar hannu da Malam ya nema tun farkon mako, nasa sun yage. Ɗaki ne dogo, taga ɗaya can sama, teburin na'urori kusa da ƙofa, tukunyar a can ƙarshe. Yaya na zaune a teburin, yatsansa a kan maɓallin ƙara wuta. Malam na tsaye a kansa. Na dubi allon na ga takwas da rabi.

Malam yana cewa, “Yaya, wayar ciki ma tana da tata iyakar. A nan ratar da ta rage mata ba ta kai digiri ɗaya ba. Ko girgiza ta samu za ta tafi.”

“Masu ƙera ta sun bar rara. Kullum suna bari.”

“Mun cinye rarar.”

Takwas da ɗigo bakwai. Takwas da ɗigo tara. Tukunyar ta fara wani ɗan ƙas-ƙas daga ciki, kamar kwanon rufi da rana. Malam ya miƙa hannu ta kan kafaɗar Yaya ya danna maɓallin saukarwa.

Yaya ya miƙe da kujerar gaba ɗaya. Naushin farko a baki ya same shi, na biyu a kunnen nan mara ji. Malam ya yi baya ya bugi kabad, kwalabe suka zubo suka farfashe. Yaya ya shaƙe masa wuyan riga yana buga kansa da ƙofar kabad ɗin, yana cewa, “Ni za ka tozarta? Ni da na ciyar da kai?” Jini ya wanke wa Malam haɓa. Hannayensa na ƙasa, wallahi ko ɗaga su bai yi ba. Na rafka wa Yaya kwalin safar a ƙeya, ya juyo ya hankaɗe ni na faɗi kan fasassun kwalabe, tafin hannuna ya tsage.

Wannan ya ba Malam damar zamewa. Maganaɗisu irin wannan ba ya sauka nan take, a hankali ake janye masa wuta, minti da yawa, don haka har lokacin yana kusa da tara. Malam ya tsallaka layin rawaya yana tangaɗi, zai duba ma'aunin hiliyam a saman tukunyar. A bakin ƙofa akwai akwatin masu gyaran famfo da suka bari tun jiya. Yaya ya zaro babbar sufanar bututu daga ciki, irin mai tsawon damtse, baƙin ƙarfe zalla. Mutumin da ya koyar da maganaɗisu shekara talatin, shi ya sa aka ja layin nan da kansa. Ya tsallake shi da sufana a sama, zai sauke ta a kan ƙaninsa.

Na yi ihu na ce ƙarfe ne. Bai ji ba, ko ya ji bai damu ba.

Taku biyu ya yi bayan layin. A na uku sufanar ta juya a hannunsa kamar wani ya murɗe ta, ta fizge shi gaba da ƙasa. Da ya saki da shi ke nan, amma ya riƙe. Ta ja shi ya zube kan gwiwoyinsa, ta maka hannunsa a jikin tukunyar da wata ƙara kamar an buga ƙofar gareji, fuskarsa ta daki ƙafar ƙarfen da ke tallafe da ita. Na ji ƙashin yatsunsa. Sufanar ta manne a jikin tukunyar, yatsunsa uku a ƙarƙashinta.

Bugun nan ya isa. Daga baya Malam ya yi mini bayani: girgizar ta motsa wayar ciki da abin da bai kai kaurin gashi ba, gogayyar ta haifar da ɗan ɗumi, ɗan gurbin nan ya haura iyakarsa ya koma waya mai turjiya. Wuta mai yawa tana bi ta cikinsa, ya yi zafi, ya zafafa na kusa da shi, cikin daƙiƙa kaɗan naɗin gaba ɗaya ya tafi. Duk ƙarfin da ke ajiye a maganaɗisun ya zama zafi a tsakiyar ruwan hiliyam. Shi kuwa lita ɗaya in ta zama iska tana cika wurin lita ɗari bakwai.

Ni abin da na ji shi ne gum daga cikin tukunyar, sai wani kuka mai tsaga kunne. Sufanar ta saki ta faɗi ƙasa don maganaɗisun ya mutu. Bututun da ke fitar da iskar waje ya kasa ɗauka, ya fizge daga mahaɗarsa ta bango, ya yi ta bulala a iska yana feso farin hayaƙi, sannan bakinsa ya maƙale a ƙafar tukunyar yana kallon ƙasa, daidai inda Yaya ke kwance. Cikin ƙiftawar ido gashin kansa da girarsa suka yi fari. Iskar nan tana ƙona fata kamar wuta, kuma in ta cika ɗaki numfashi biyu uku mutum zai faɗi bai san ya faɗi ba.

Safar hannun da na kawo suna warwatse a bakin ƙofa, taku goma daga wurin. Malam bai je ya ɗauka ba. Ya cafki bakin ƙarfen bututun da hannun dama tsirara, ya fizgo shi, ya ɗaga shi sama ya juya shi ga bango. Ya ce mini, “Ki duƙa ƙasa. Ja shi waje.” Muryarsa ta fito siririya kamar ta ɗan tsako saboda iskar da ya shaƙa.

Na rarrafa kan kwalabe na kamo ƙafafun Yaya. Ƙaton mutum ne, ga shi ya saki jiki. Ina ja ina zaginsa, duk zagin da na tara shekara goma sha tara na aurena a ranar na juye masa, da wannan muryar ta tsako. Kansa ya bugi dokin ƙofa, ban ce sannu ba. Na jefar da shi a baranda, na banka ƙofar ta tsaya a buɗe, na koma. Hayaƙin ya cika saman ɗakin, ƙafafun Malam kawai nake gani. Kukan ya fara raguwa. Ya durƙusa, bututun na hannunsa har lokacin, don hannun ya manne da ƙarfen ya ƙi saki. Sai da masu gadi biyu suka shigo aka kwara ruwan famfo sannan ya rabu, ya bar fatar tafinsa a jiki. Yatsun sun yi fari fat, da tauri kamar kyandir.

Likitoci sun jira sati uku su ga abin da zai farfaɗo. Babban yatsa da manuni suka dawo. Sauran ukun suka yi baƙi, aka yanke. Yaya ya samu karaya uku a hannu, ƙashin kunci ya tsage, kunne ɗaya ya ƙone. Idanunsa da huhunsa lafiya lau, kuma kowa a sashen ya san dalili.

Jami'a ta kafa kwamiti, don naɗin maganaɗisun ya ƙone, ba ya gyaruwa. Na ce wa Malam in bai faɗi maganar sufana ba ni zan faɗa. Ya ce in na faɗa za a kori Yaya a kai shi kotu, kuma ba zai yafe mini ba. A gaban kwamiti ya ce shi ne mai kula da na'urar, a gabansa ta wuce takwas, bai kashe ta da wuri ba. Duk gaskiya ne, ya dai bar sauran a cikinsa. Ni aka kira ni na ce na shigo a makare. Na yi wannan ƙaryar saboda mijina, kuma har gobe ina jin haushin kaina. Aka yi masa ritayar dole. Yaya aka ba shi takardar gargaɗi.

Wani mataimakin malami ya gaya mini a sito cewa da aka zaro sandar da ke ɗauke da ƙwayar daga tukunyar, ya duba ƙwayar da madubin ƙara girma. Fentin azurfar wayoyin tsakiya ya malalo, tsakaninsu bai kai silin gashi ba. Ya nuna wa Yaya. Yaya ya ce hatsarin ne ya jawo haka, ya karɓe ƙwayar ya kulle a durowa.

Bayan sallamar Malam daga aiki da kwana goma, da la'asar, sai ga motar Yaya a ƙofar gidanmu. Ya shigo falo hannunsa rataye a wuya, fuskarsa rabi a kumbure. Raina ya ɗan yi sanyi, na ce yau dai mutumin nan zai buɗe baki ya ce na gode, ko ya ce yi haƙuri. Har ruwa na kawo masa. Malam ya sauko daga kujera ya zauna a ƙasa kamar yadda ya saba, dunƙulen bandejinsa a kan cinya.

Yaya ya buɗe jaka da hannu ɗaya ya zaro takardar nan. Ya ce awon an yi shi ne lokacin Malam yana bakin aiki, don haka har yanzu sa hannunsa ake bukata. Ya ajiye biro a kai.

Ya ce, “Ka sa da hagu. Ba wanda zai duba.”

Na ɗauki kofin ruwan zan watsa masa, Malam ya dube ni, na ajiye.

Ya ce, “Yaya, ba ta koro maganaɗisun ba.”

“Na tambaye ka? Ni na raine ka. Ni na sa ka a makaranta, ni na ba ka aikin da kake taƙama da shi.”

“Haka ne. Aikin na mayar. Hannun ma ga shi. Wannan ɗin ne ba zan iya ba.”

Yaya ya ɗaga lafiyayyen hannunsa. Malam bai kauce ba, bai rufe ido ba, ya dai ɗago fuska yana kallonsa. Hannun ya tsaya a sama. Ban san abin da Yaya ya gani ba, ko bandejin ne, ko bakin da ya fasa. Ya sauke hannun, ya tattara takardarsa, biron ya faɗi bai ɗauka ba. A bakin ƙofa ya ce, ba tare da ya juyo ba, “Daga yau ba ni da ƙani.”

Takardar ba ta taɓa fita ba. Yaya yana nan da kujerarsa da sunansa, ana gayyatarsa taro ana tafa masa, ba wanda ya san ramin da ya kusa faɗawa. Malam ya buɗe 'yar rumfa a bakin titinmu yana gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki, yana riƙe sukudireba da yatsa biyu. Shekara huɗu ke nan. Duk ƙarshen mako sai ya yi wanka ya sa kaya masu kyau ya hau mota zuwa gidan Yaya. Mai gadi ya ce Farfesa ba ya nan, alhali ga motarsa a rumfa. Malam ya ce to a gaishe shi, ya juyo. Na yi faɗa, na yi kuka, na ɓoye masa takalmi, duk a banza.

Makon jiya ya dawo ya zauna a bakin gado yana kwance agogo da haƙori. Na tambaye shi ko an buɗe masa ƙofa. Ya ce a'a, amma labulen tagar sama ya motsa.